Amana da Jiziya: Zaman Kiristoci da Yahudawa a Ƙarƙashin Daulolin Musulunci

A tsohon garin Fusɗaɗ, wanda yau Alƙahira ta haɗiye, akwai wata majami'ar Yahudawa da ake kira Ben Ezra. A da, mutanenta ba sa yar da takardar da aka rubuta da haruffan Ibraniyanci, don gudun kada sunan Allah ya faɗa cikin shara, sai su jefa ta wani ɗaki da aka keɓe don haka. Shekara kusan dubu ana zubawa: wasiƙun fatake, takardun aure da na saki, ƙararrakin kotu, jerin sunayen masu karɓar sadaka. A 1897 wani malamin jami'ar Kambirij, Solomon Schechter, ya kwashi guntaye sama da 190,000 daga ɗakin ya kai Ingila. Waɗannan takardu, da ake kira Geniza, su ne mafi girman shaidar da duniya take da ita kan yadda wanda ba Musulmi ba yake kwana yake tashi a cikin daular Musulunci, don kuwa mutanen ne da kansu suka rubuta, ba tare da tunanin wani zai karanta bayansu ba.

Abin da ya fi yawan fitowa a wasiƙun talakawansu shi ne jiziya. Wani ya ɓuya a ɗaki ya kasa fita neman abinci don masu karɓa suna nemansa. Wani ya bar garinsu, amma bashin ya bi shi har inda ya sauka. A gefe guda kuma ga wasiƙun manyan attajirai Yahudawa da ke safara daga Tunis zuwa Indiya, suna kiran abokan cinikinsu Musulmi da sunayen girmamawa da aminci. Gari ɗaya, doka ɗaya, amma zaman ya sha bamban.

Tushen dokar sananne ne a fiƙihu. Idan Musulmi suka ci ƙasa, mutanen Littafi da ke cikinta suna iya zama a kan addininsu bisa alkawari, su zama ahlul zimma, wato mutanen amana. Hukuma ta ɗauki nauyin tsare ransu da dukiyarsu da wuraren ibadarsu, ta bar musu shugabanninsu da kotunansu a kan aure da gado da sauran al'amuran cikin gida. Su kuma su bi mulkin Musulmi, su biya jiziya, wadda aka ambata a aya ta 29 ta Suratut Tauba. Ba a kai su yaƙi, ba a karɓar zakka a hannunsu. Tun zamanin Annabi (SAW) an yi irin wannan alkawari da Kiristocin Najran, aka kuma karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, abin da ya buɗe ƙofar shigar da wasu al'ummomi cikin tsarin. A nan ƙasar Hausa ma, bayan jihadi, a kan wannan matsayi aka zaunar da Maguzawa a masarautar Kano suna biyan jiziya.

Malamai ba su haɗu a kan adadi ɗaya ba. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, a littafinsa Kitabul Kharaj da ya rubuta wa Haruna Rashid, ya kasa mutane gida uku: mawadaci dirhami 48 a shekara, matsakaici 24, mai ci da guminsa 12. Malikiyya sun ce dinari huɗu ko dirhami 40, a sassauta wa mai rauni. Shafi'i ya ce mafi ƙaranci dinari ɗaya. Kowa ya yarda ba a karɓa daga mata da yara da bayi da mahaukata. Amma a kan matalauci aka rabu: Hanafiyya sun ɗauke wa wanda ba ya iya nema, a mazhabar Shafi'i kuwa jiziyar tana zama bashi a wuyansa har ya samu. Wannan saɓani da ke cikin littafi shi ne ya zama kwanan kurkuku ga wani masaƙi a Fusɗaɗ.

Ga yadda lissafin yake a Masar ta ƙarni na 12. Ibn Mammati, babban jami'in baitulmali a zamanin Salahuddin, ya kawo matakai uku: dinari huɗu da 'yan kai, dinari biyu da 'yan kai, sai na ƙasa wanda ya ɗan haura dinari ɗaya da rabi. Masanin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan takardun Geniza, S. D. Goitein, ya ƙiyasta cewa dinari biyu na riƙe ƙaramin iyali wata guda. Ke nan talaka na biyan abin da ya kusa cefanen wata ɗaya a kansa shi kaɗai. In yana da 'ya'ya maza biyu da suka tasa, nauyin ya ninka uku, kuma a lokaci ɗaya ake nema. Wanda ya biya ana ba shi takardar shaida, wadda in ba ta a aljihunsa bai isa ya yi tafiya ba; dattawan da suka ga zamanin takardar haraji a Arewa sun san wannan fargaba. Wanda ya kasa biya ana iya tsare shi. Shi ya sa jama'ar Yahudawa ke yin karo-karo duk shekara don biya wa miskinansu, kuma jerin sunayen masu bayarwa suna nan har yau. Goitein kansa ya fara da ganin jiziya ƙaramin haraji ce, takardun suka sa ya sake ra'ayi. Ga attajirin da ke juya ɗaruruwan dinari, huɗu ba komai ba ne. Ga mai wankin fata, masifa ce mai dawowa duk shekara.

Bayan kuɗi akwai sharuɗɗan zama, waɗanda aka tattara a wata takarda da ake jingina wa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, ko da yake masana tarihi da dama na ganin sai bayan zamaninsa ta sami siffar da aka san ta da ita. A ciki an hana gina sabuwar coci ko majami'a, an hana fito da gicciye kan titi da ɗaga sautin ibada, an hana ɗaukar makami da hawa kan sirdi, an hana gidan zimmi ya ɗara na Musulmi tsawo, an kuma wajabta ɗaura wata ɗamara da za a gane shi da ita. A kotu ba a karɓar shaidarsa a kan Musulmi. Diyyarsa a wajen Hanafiyya daidai take da ta Musulmi, a wajen Malikiyya rabi, a wajen Shafi'iyya sulusi. Duk mai adalci zai ga abu biyu a nan: kariya ce ta gaske wadda shari'a ta tsaya mata, kuma matsayi ne na ƙasa wanda aka tsara da gangan.

Sai dai abin da aka rubuta daban, abin da aka yi daban, kuma bambancin yakan faɗa ta kowane ɓangare. Tun farko, Kiristocin ƙabilar Banu Taglib, Larabawa masu ji da kai, sun ƙi biyan abin da ake kira jiziya, aka daidaita da su a kan ninkin zakka da sunan sadaka. A Dimashƙu, Sarjun ɗan Mansur, Kirista, shi ne babban magatakardan kuɗi na Mu'awiya da halifofin da suka biyo shi. A 850 Halifa Mutawakkil na Abbasiyawa ya ba da umarnin zimmai su sa tufa mai launin zuma, a rushe sababbin coci-coci, a kore su daga aikin hukuma, alhali a fadarsa Hunainu ɗan Ishaƙ, Kirista, yana aikin likita. Akwai wata alama da masana ke lura da ita: yawan maimaita irin wannan umarni daga sarki zuwa sarki yana nuna cewa tsakanin umarni da umarni ba a bin sa.

Masar ce ta fi nuna wannan hawa da sauka, don ƙasa ɗaya ce da al'umma ɗaya ta Kibɗawa, sarakuna ne kawai ke sauyawa. Fatimiyawa, waɗanda suka kafa Alƙahira a 969, 'yan Shi'a ne masu mulkin jama'ar da akasarin Musulminta Sunni ne, saboda haka sun fi sakin jiki da ma'aikata Kiristoci da Yahudawa waɗanda ba su da wata rundunar da za su yi tawaye da ita. Halifa Al-Aziz ya ɗora Isa ɗan Nasɗurus, Kirista, a kan harkokin mulki, ya kuma ba wani Bayahude, Manassa, riƙon al'amuran kuɗi a Sham. Takardun Geniza na wannan zamani ba su nuna unguwar da aka killace Yahudawa ba. Akwai gidajen da Musulmi da Kirista da Bayahude suka yi tarayya a mallakarsu. Daga baya ma an kai wa babban malaminsu Musa ɗan Maimun tambaya a kan masu sana'a Musulmi da Yahudawa da suka haɗa jari a shago ɗaya, suka shirya cinikin Juma'a na Yahudawa ne, na Asabar na Musulmi, ya ce ya halatta.

Amma ɗan Al-Aziz ɗin nan, Al-Hakim, shi ya juya komai. Ya tilasta wa Kiristoci rataya manyan gicciyen katako a wuya, ya ƙwace dukiyar coci-coci, a 1009 ya sa aka rushe Cocin Kabari Mai Tsarki da ke Ƙudus, wurin da ya fi kowane daraja a wajen Kiristoci. Mutane da yawa suka musulunta don tsoro. Kafin ya ɓace a 1021 kuma sai ya sassauta, ya bar waɗanda aka tilasta su koma addininsu, aka fara sake gina abin da aka rushe. Babu harafi ɗaya na fiƙihu da ya sauya tsakanin uban da ɗan. Halin mutum ɗaya ne ya sauya, kuma babu wata hukuma da ta isa ta taka masa burki.

Tsanantawar da ta daɗe ta zo ne a zamanin Mamalik, bayan 1250. Yaƙoƙin 'yan Salibiyya da farmakin Mongol sun bar zargi a zukata, talakawan Alƙahira kuma na kallon magatakardan Kibɗawa da ke karɓar haraji suna hawan dawaki cikin ado. A 1301 aka yi dokar rawani: Kirista shuɗi, Bayahude rawaya, Basamariye ja, aka rufe coci-coci na wani lokaci. Wasu malamai sun nemi a rushe su gaba ɗaya, babban alƙali Ibn Daƙiƙil Id ya tsaya a kan cewa ba a rushe wurin ibada sai an tabbatar sabon gini ne. A 1321 tarzoma ta cinye coci-coci da dama a faɗin ƙasar, Sarki Nasir Muhammad ya so hukunta masu laifi, amma ya ji tsoron gungun jama'a ya ja da baya. A 1354 aka ƙwace filayen waƙafin coci-coci, kimanin fadan 25,000 kamar yadda Maƙrizi ya kawo, Kibɗawa masu yawa suka bar addininsu. Tun daga wannan ƙarni suka zama 'yan tsiraru ƙwarai a ƙasar kakanninsu.

Andalus, wadda ake yawan kafa misali da ita, ita ma fuska biyu gare ta. A Ƙurɗuba ta ƙarni na 10, Hasdai ɗan Shafruɗ, Bayahude, likita ne kuma jakadan Halifa Abdurrahman na Uku. A Garnaɗa, Sama'ila ɗan Nagrila ya zama waziri har yana fita da runduna, abin da sharuɗɗan zimma suka hana ƙarara. Ya rasu a 1056 ɗansa Yusuf ya gaje shi. Ranar 30 ga Disamba 1066 jama'ar gari suka auka wa fada suka kashe Yusuf, suka bi Yahudawan birnin da kisa. Hujjar masu zuga su ita ce Yahudawa sun karya alkawari da suka hau kan Musulmi, don haka kariya ta faɗi. Wannan ita ce mafi munin ɓarakar tsarin: ɗaukakar mutum ɗaya a fada tana iya zama dalilin halatta jinin dubban da ba su taɓa taka ƙofar fadar ba. Da Muwahhidun suka zo a tsakiyar ƙarni na 12 sai suka yi watsi da zimmar ɗungum, suka ba mutane zaɓi tsakanin musulunta da barin ƙasa. Iyalin Musa ɗan Maimun na cikin waɗanda suka bar Ƙurɗuba, kuma a wata ƙasar Musulmi, Masar, ya sami mafaka har ya zama likitan fada.

Wannan muhawara ta iso har bakin ƙofar Hausa. Tuwat wani yanki ne na dausayi a Saharar Aljeriya ta yau, zango a kan hanyar fataken da ke zuwa Tumbutu da Agadas da Kano. A 1447 wani ɗan kasuwa daga Jenowa, Antonio Malfante, ya rubuto daga can cewa Yahudawa na zaune lafiya, kowane rukuni a ƙarƙashin kariyar wani mai mulki. Bayan shekara arba'in da 'yan kai sai Shehu Muhammad ɗan Abdulkarim Al-Magili ya tashi a kansu. Ya ce sun manne wa masu mulki, ba sa biyan jiziya yadda shari'a ta tsara, saboda haka ba su da sauran amana, majami'arsu ta Tamanɗiɗ kuma dole a rushe ta. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al-Asnuni, ya ce a'a: majami'ar ta daɗe, malamai da alƙalai sun shuɗe suna ganinta ba su ce komai ba. Aka aika tambaya Tilimsan da Fas da Tunis. Muftin Tilimsan, Ibn Zakri, ya hana rushewa; Al-Tanasi ya goyi bayan Al-Magili. Dukansu Malikawa ne, littattafai ɗaya suka karanta, kuma Wansharisi ya adana fatawoyin a cikin Al-Mi'iyar. Wajen 1492 Al-Magili ya tara mutane suka rushe majami'ar, aka kashe wasu Yahudawa, saura suka watse. Shi ne malamin da ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha a kan mulki, ya kuma amsa tambayoyin Askiya Muhammad a Gawo. Girman iliminsa da hidimarsa ga ƙasar Hausa ba abin musu ba ne, amma a wannan shari'a hujjar Al-Asnuni ta fi kusa da manufar alkawarin, don amanar da mutum ɗaya zai iya warwarewa da fatawarsa ba ta tsare kowa ba.

Ya kamata a faɗa cewa malaman da suka tsaya wa zimmai ba kaɗan ba ne. Lokacin da gwamnan Abbasiyawa Salihu ɗan Ali ya kori Kiristocin Dutsen Lubnan daga ƙauyukansu saboda tawayen wasu daga cikinsu, Imam Auza'i ya rubuta masa cewa ba a kama jama'a da laifin ɗaiɗaiku. Ibn Taimiyya, wanda aka sani da tsauri a kan sharuɗɗan zimma, da ya je karɓo fursunoni daga hannun Mongol ya ƙi yarda a saki Musulmi kaɗai, ya ce sai an haɗa da Kiristoci da Yahudawa don su ma amanar Musulmi ce.

A shekarar da ake rushe majami'ar Tuwat ko kusa da ita, 1492, sarakunan Kirista na Sifen suka kori Yahudawansu baki ɗaya, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Bayazid na Biyu, ya buɗe musu ƙofa. Birnin Salonika ya zama gari mai rinjayen Yahudawa na tsawon ƙarnoni. Kafin nan, a 1454, Muhammadu Fatih ya naɗa Gennadiyos shugaban cocin Rumawa a Istanbul ya bar masa ikon jama'arsa. Kundayen kotunan Usmaniyya sun nuna wani abin da mutane ba sa zato: Kiristoci da Yahudawa na kai ƙara gaban alƙalin Musulmi da ƙafarsu, har a tsakaninsu. Mace Kirista da cocinta ya hana ta rabuwa da miji takan nemi mafita a can, 'yar Bayahude da dokar addininta ta hana ta gado in akwai ɗa namiji takan sami rabonta a can, kuma hukuncin alƙali yana da hukuma a bayansa. Limamansu sun yi ta tsawatarwa a kan haka. Amma daular nan dai ita ce ta riƙa ɗibar yara maza daga ƙauyukan Kiristocin Balkan, tana musuluntar da su tana mai da su sojoji da ma'aikatan fada. Wasu sun kai matsayin babban waziri, sai dai hakan bai sauya gaskiyar cewa an raba ɗa da iyayensa da addininsa ba, abin da alkawarin zimma ya haramta.

Ƙarshen tsarin ya zo a ƙarni na 19. A 1856 Sarki Abdulmajid, ƙarƙashin matsin ƙasashen Turai, ya shelanta daidaiton talakawansa ba tare da duba addini ba, aka ajiye jiziya aka maye gurbinta da kuɗin fansar aikin soja. Sauyin bai zo da sauƙi ba. Musulmi da dama sun ga an zubar musu da daraja, suna kuma kallon 'yan kasuwa Kiristoci da ke samun kariyar ofisoshin jakadancin Turawa suna bunƙasa. A watan Yuli 1860 aka auka wa unguwar Kiristoci a Dimashƙu aka kashe dubbai. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya yi shekaru yana yaƙar Faransa kafin a kai shi zaman gudun hijira, ya fito da mutanensa ɗauke da makamai ya kwashe dubban Kiristoci zuwa gidansa da ganuwar birnin, yana kafa hujja da shari'ar Musulunci. Hukumar Istanbul ta aiko Fu'ad Basha, ya zartar da hukuncin kisa a kan mutane da yawa, har da gwamnan Dimashƙu na lokacin. Kuɗin fansar aikin soja kuwa ya ci gaba har 1909, shekarar da aka fara ɗaukar Kiristoci da Yahudawa aikin soja na dole kamar kowane ɗan ƙasa.